Jawabin Baba Jiya da Takalmin Kolo

Baba Jiya ya shekara ashirin da huɗu yana wankin gyambo a wata rumfa bayan asibitinmu na mishan a Minna. Ni nas ce a can, kuma har yau ban manta shi ba.

Abin da ya koya a 1932 shi ya riƙe: ya goge gyambo da shuɗin dutse mai ƙona ruɓaɓɓen nama, ya naɗe da tsumma, ya ce a dawo jibi. Da fenisilin ya zo, likita ya sa mana darasi kowace Alhamis, yadda ake dama garin maganin da tafasasshen ruwa, a auna, a dafa sirinji minti ashirin, da irin gyambon da dole a tura masa. Jiya bai taɓa leƙowa ba. Wai shi ya wuce zaman benci.

Amma da aka tashi yaye sababbin nas a 1956, shi aka ba jawabi, don ya fi kowa daɗewa. Sista, babbar nas ɗinmu, ta rubuta masa da Turanci, aka mayar da Hausa, ya yi mako yana haddacewa a rumfa, ƙudaje na sauraro.

A makon ne likita ya bi wari har rumfar, ya tarar da Kolo, leburan reluwe daga Chanchaga. Wata takwas Jiya na goge masa ƙafa bai tura shi wurin likita ba. Da na kwance tsumman, tsutsotsi suka zubo, ƙashi ya yi baƙi. Na yi amai a bakin ƙofa. Safiyar bikin aka yanke ƙafar, ta hagu ce, ni na fitar da ita a bokiti.

Na isa zauren bikin an riga an raba takardun shaida, ɗalibai sun yi alkawarin aiki, kowace da farar hula. Jiya ya miƙe cikin kwat, ya gaida manya ɗaya bayan ɗaya.

"'Ya'yana," in ji shi, "takardar nan ba ita ce ƙarshe ba. Magani yana canjawa. Ku karanta, ku je darasi, abin da ba ku sani ba ku tambayi likita. Kada ku ji kunya!"

Babu kalma ɗaya ta ƙarya a ciki, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Aka yi ta tafi, ni kuwa warin bokitin bai bar hannuna ba.

Washegari Kolo ya ba ni saƙo, na kai rumfa.

"Alisabatu, kin ji jawabina?" in ji Jiya.

"Na ji, Baba. Ga wannan, Kolo ya ce a ba ka. Ya ce shi ba ya bukatarsa kuma."

Na miƙa masa takalmin ƙafar hagu. Ya juya shi, ya latsa fatar da yatsa, ya ce, "Mai kyau ne. Ina ɗayan?"