Gaisuwar da Mai Keke ya aika wa maigidansa

A layin teloli ba wanda ke kiransa da sunan yanka. Mai Keke ake ce masa, domin gyaran keken ɗinki ne sana'arsa tun kafin ya fara aske gemu. Shagonsa ɗan tsukuku ne mai warin mai da tsatsa, kawunan kekuna jere a kan katako, kowanne da ƙyalle ɗaure a wuya don a gane mai shi. Mutum ne mai ladabi a waje. Ko telan da ya ɓalla allura sau uku a yini ɗaya, sai ya ce masa laifin allurar ne. Abin da yake gani game da mutane kuwa, a gida yake sauke shi bayan cin abinci, matarsa na kwashe kwanuka tana saurare.

Wani baƙo ne ya koya masa aikin. Daga wata ƙasa ya zo yana saurayi, ya ji Hausa har yana zagi da ita, amma bai taɓa koyon karanta ta ba. Da tsufa ya kama shi kunnuwansa suka mutu, sai 'yarsa, wadda aka haifa a nan, ta mayar da shi ƙasarsu. Ya tafi ya bar wa Mai Keke shagon da duk abin da ke ciki.

Da labari ya zo cewa tsohon yana kwance ba lafiya, Mai Keke ya ce zai yi masa gaisuwa ta bidiyo ya sa a shafinsa, inda yakan nuna wa teloli yadda ake saita zare. Ya sa wankakkiyar riga, ya tsaya can ƙuryar shago kusa da keken da ya fara koyo a kansa. Matarsa ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da waya dab da fuskarta.

"Maigidana ya riƙe ni kamar ɗan cikinsa," in ji Mai Keke, ya dafa ƙirji, ya yi shiru don maganar ta ratsa masu kallo.

A cikin shirun nan matar ta kwaikwayi muryarsa ta gida, ƙasa-ƙasa, don ta ba kanta dariya: "Tsoho mai maƙo, na ƙare ƙuruciyata ina masa bauta, ko shayi bai taɓa saya mini ba."

Mai Keke bai ji ba. Ya ci gaba da addu'a har ya gama. Ya kalli bidiyon sau ɗaya, janaretan maƙwabci na ruri, ya ga rigar ta fito da kyau, ya tura.

Washegari ƙanwarsa, wadda ke aikin haɗa bidiyon biki a wani situdiyo, ta faɗo shagon ko sallamar kirki babu.

"Yaya, ka karanta rubutun da ke ƙasan bidiyonka?"

"Wane rubutu? Ni magana na yi."

Ta kashe sauti ta miƙa masa wayar. Ga shi tsaye, hannu a ƙirji, kalmomi na wucewa a ƙarƙashinsa. Inda janareta ya yi ƙarfi rubutun shirme ne. Sunan wani ƙarfen keke ma ya koma wata kalma da ba ta da alaƙa da ɗinki. Amma layi ɗaya ya fito tsaf, ba kuskuren ko harafi: maigidana ya riƙe ni kamar ɗan cikinsa tsoho mai maƙo na ƙare ƙuruciyata ina masa bauta ko shayi bai taɓa saya mini ba.

Mai Keke ya nemi kujera.

"Manhajar ce ke saurare ta rubuta da kanta," in ji ƙanwar. "Ba ta fahimtar komai, sauti take bi tana cankar kalmar da ta fi kama da shi. Hausar da aka koya mata kaɗan ce, shi ya sa da an yi hayaniya take ɓata. Kai kana can ƙurya, Anti kuwa bakinta na kan wayar. Muryarta ta fi taka fita."

"Ba ta gane muryar mace ba ce?"

"Wannan ba ta raba masu magana. Duk abin da ta ji a layi ɗaya take zuba shi. Kuma fassarar da take yi wa masu wani harshe daga rubutun ake yin ta, ba daga murya ba. Abin da aka ba ta shi take juyawa, har ta gyara masa zama."

Ta canza harshen zuwa Turanci don ya gani. Fassarar ta ɗinke maganganun biyu suka zama jimla guda mai santsi, da waƙafi da aya, kamar mutum ya zauna ya tsara ta. Mai ji da kunne zai san mutum biyu ne. Tsohon kuwa ba ya ji, ba ya karanta Hausa. Irin wannan fassarar kaɗai za ta kai masa, cikin harshensu.

A gida rigimar ba ta yi tsawo ba.

"Maman yara, kin kashe ni."

"Ni na ƙirƙira? Ko kalma ɗaya ban ƙara ba. Har na rage, ban faɗi ta takalmin da ka ce ya ƙi saya maka ba."

Ya ɗauki hularsa ya koma shago.

Ƙanwar ta nuna masa inda ake gyara rubutun da hannu, ya goge layin, ya gyara sauran. Amma alamar 'yar tsohon tana nan cikin waɗanda suka riga suka kalla. Ya yini yana kwance keke ɗaya yana ɗaurawa, yana shirya abin da zai ce. Hujja dai yana da ita: na'urar da ta kasa rubuta sunan ƙarfe, me zai hana ta ƙaga zagi? Ya maimaita wannan a ransa har ya kusa yarda.

Da la'asar ya kira 'yar tsohon. Suka gaisa, ya tambayi jikin Baba, ta ce da sauƙi. Sai ya fara.

"Ƙanwata, kin san na'urorin nan. Shirme suke rubutawa. Wallahi ni ban..."

"Yaya, kar ka rantse. Ni da sauti na kalla. Ka gaishe min da Anti, muryarta ba ta canza ba."

Ya bar zancen na'urar.

"Baba fa? Ya gani?"

"Tun kafin na shigo ɗakin. Sau uku ya sa na maimaita masa. Na ce masa kuskuren na'ura ne, na nuna masa sauran shirmen, ya yi ta dariya har da tari."

Mai Keke ya saki numfashi. "To, alhamdu lillahi. Ya yarda ke nan."

"Ya yarda ba kai ka faɗa ba. Ka san tun da kunnensa ya mutu bakin mutane yake kallo. Ya ce lokacin da rubutun ya fito bakinka a rufe yake."

"Madalla. Allah ya ba shi lafiya."

"Amin. Sai dai ya ce na'ura ba ta taɓa zama a shagonsa ba, balle ta san zancen shayi. Ya ce in tambaye ka wa ka gaya wa, kuma tun yaushe."

Wani tela ya leƙo da kan keke a kafaɗa yana sallama. Mai Keke ya ɗaga masa hannu ya jira.

"Yaya, kana ji na? Ga shi nan yana kallona. Me zan rubuta masa?"