Rubutun da Kar-a-Motsa Ya Sa a Ƙarƙashin Hoto

Kar-a-Motsa ake kiransa, don shekara ashirin da biyu kalmar da yake faɗa wa amare ke nan. Jakar kyamara ta karkatar masa da kafaɗar hagu, har in yana tafe sai ka ce gulma yake saurare.

Rigimar da aka taɓa kayar da shi, da matarsa ce. Ya ɗora hoton wata amarya a shafinsa, ya rubuta da manyan baƙaƙe: KU ZO! RANGWAME! KAR A BA KU LABARI!

Matar ta duba wayar ta ce, "Maigida, amaryar ce aka yi wa rangwamen, ko tumatur ne ya fara ruɓewa?"

Ya sake karanta rubutun. Ya goge.

To, shekaru sun ja. Yara masu sababbin kyamarori suka cika gari. Kalandar shagonsa ta yi fari fat wata uku, babu biki ko ɗaya, ya fara tambayar nawa za a sayi kyamarar. In ta tafi, sai hoton fasfo har mutuwa.

Hoto ɗaya yake ji da shi: mahaifin wata amarya ya dafa kanta a soro, idonsa jajur. Kwana tara bayan bikin tsohon ya rasu.

Ƙanin matarsa, mai tallata kaya a intanet, ya zo shagon ya gani, har da lasar leɓe.

"Yaya, wannan ai arziki ne! Rubuta: hotonsa na ƙarshe kafin ya cika, ku yi sauri kafin naku ya tafi. Wallahi waya ba za ta huta ba."

Kar-a-Motsa ya ɗauki waya. Amaryar ya kira ya nemi izinin ɗora hoton. Ta ce, "Baba mai hoto, ka sa. Amma a bar shi a raye a ciki."

Yini guda ya yi yana rubutawa yana gogewa, da yatsa ɗaya. Abin da ya tsira shi ne: "Mahaifin amarya ya ce shi ba ya kuka a gaban mutane. Na tsaya bayan ƙofa minti ashirin ina jira. Akwai sauran ranaku a wata mai zuwa, ga mai son mu yi magana."

Mako guda, saƙo biyu. Ɗaya farashi ya tambaya ya ɓace. Ɗayar, mai shirin aure, ta ce mahaifiyarta na jinya, tana son wanda ya iya jira. Biki ɗaya tal. Ya isa kyamarar ta ƙara wata guda a jakarta, ba fiye ba.

Ƙanin ya dawo yana kumfar baki. "Ɗaya, Yaya? Da ka ambaci rasuwar, da ɗari ka samu!"

Kar-a-Motsa ya ci gaba da goge gilashin kyamararsa.

"Biki nake ɗauka," ya ce. "Ranar da na koma sayar da gawa, da kai zan buɗe kasuwa."