Sunan da Ya Rage a Ƙasan Takarda

Shekarar da maigidana ya sayar da babbar motar da nake tuƙawa, na daɗe zaune a gida a Sabon Gari babu aiki. A da, direba ba ya neman aiki da takarda. Wani ne zai kai ka wajen wani, ya ce ya san hannunka, shi ke nan. Amma da na fara zagayawa, duk ƙofar da na je sai a ce in rubuto.

Lokacin ina zuwa makarantar manya da yamma. Ina karanta Hausa sosai, Turanci kuwa sai na bi shi da yatsa, kalma bayan kalma. Malaminmu ne ya taimaka mini muka tsara takarda ɗaya da Turanci. Ya ce sama da ƙasa za su iya zama iri ɗaya, amma tsakiya dole ta canza, don mai karantawa ya san da shi ake. Ga makarantar kuɗi muka rubuta cewa ina da haƙuri da yara, ba na gudu. Ga gidan kaji muka ce na saba fita da asuba. Ga kamfanin casar shinkafa da ke hanyar Indabo, wanda shi nake so fiye da kowanne, muka ce na san hanyoyin ƙauyukan da suke sayen shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, na san inda mota ke kafewa bayan damina.

Mai buga mini takardun taubashina ne, yana da shagon kwamfuta a cikin gari. Duk sanda na shiga sai ya ce, “Ga ɗan firamare mai furfura. Yau wa za mu yi wa ƙarya?”

Yadda yake aiki shi ne ya buɗe takardar da muka yi ta ƙarshe, ya goge adireshi ya sa sabo, ya sauya tsakiya, ya buga. Ranar da muka yi ta kamfanin hanyar Indabo babu wuta, janareta na tari, mutane sun cika shagon. Wadda ya buɗe kuwa ta wani kamfanin shinkafar ce da ke bakin titin Kano. Kowa a garin ya san kamfanonin nan biyu ba sa ga maciji, don suna ƙwace wa juna manoma da direbobi. Na sa hannu, na kai a ranar, ma'aikaciyar ofis ta karɓa ta buga hatimi.

Ranar Laraba bayan la'asar na zauna a zaure da kwafin da na rage, ina karantawa don in gwada kaina. Adireshi daidai. Tsakiya daidai. Sai yatsana ya iso layin ƙarshe, inda aka ce zan yi alfahari da yi wa kamfani kaza aiki da gaskiya. Sunan kamfanin bakin titi ne a wurin.

Na sake karantawa a hankali, ko idona ne. Sunan bai motsa ba. Washegari Alhamis kuma za su rufe karɓar takardu.

Na tafi shagon da takardar a hannu. Taubashina ya duba, dariyar da ya fara ta tsaya.

“Wallahi sama kawai na duba,” ya ce. “Amma ka kwantar da hankalinka, bawana. Wa yake karanta takardar direba har ƙasa?”

“Ni na karanta.”

“Kai ai ba ka da aikin yi.”

Ya ce in na koma kamfanin, ni da kaina zan nuna musu abin da wataƙila ba za su gani ba. Maganarsa tana da kama da gaskiya, shi ya sa ta dame ni. Amma na tuna takarda tana zama a fayil. Ko an ɗauke ni, wata rana wani zai buɗe. Na ce ya gyara ya buga sabuwa. Na tsaya a bayansa na karanta ta a kan allon tun daga kwanan wata har wurin sa hannu, shi yana ta tsaki, masu jira suna kallona.

Da safe na je kamfanin. Na gaida ma'aikaciyar, na tambayi aiki da mutanen gida, sannan na ce, “Hajiya, akwai kuskure a takardar da na kawo. Ga gyararriya. Ko za a ba ni waccan?”

“Malam, abin da ya sha hatimi ba ya fita. Na riga na ba ta lamba.”

“To a yaga ta mana.”

“Ni in yaga? In an ƙirga aka ga babu ɗaya, kai za ka amsa?”

Ta zaro tsohuwar daga cikin tarin, ta karanta, ta tsaya a ƙasa. Ba ta yi dariya ba, na kuma gode mata a raina. Ta ɗora sabuwar a kai ta haɗe su da ƙusar takarda. Ta ce iyakar abin da za ta iya ke nan. Na fito ina jin na kai kaina ƙara da ƙafata.

Kwanakin da suka biyo baya ban saki waya ba ko wajen alwala. Makarantar kuɗi suka ɗauki wani. Gidan kaji shiru. Kaka ta matso, an fara yankan shinkafa a fadama, na san idan kamfanin hanyar Indabo suka cike direbobinsu sai wata shekara. Ban gaya wa mai ɗakina ba, amma ta ga na rage cin tuwo.

Sai suka kira.

Manajan mutum ne mai magana ƙasa-ƙasa. Takarduna biyu suna gabansa. Ya ɗaga ta sama, ya karanta layin ƙarshe na ta ƙasa da ƙarfi, da sunan da komai, sannan ya dube ni.

“Can kake so ko nan?”

Na ce, “Ranka ya daɗe, can ma na rubuta musu. Ina da iyali, ba ƙofa ɗaya na buga ba. Daga tasu aka ɗauko taku, aka bar sunan. Laifina ne, na sa hannu ban karanta har ƙasa ba.”

“Sun kira ka?”

“Ba su kira ba.”

“Idan suka kira gobe, suka ƙara maka a kan abin da muke bayarwa fa?”

Ban so in yi rantsuwar da ba a tambaye ni ba. Na ce idan na karɓi makullin mota, ba na ajiye shi kaka ba ta ƙare ba. Na ba shi lambar tsohon maigidana, na ce ya tambaye shi.

Ya koma kan takardar, ya yi mini tambayoyi a kan hanyar Achika da buhu nawa nake ɗorawa idan ƙasa ba ta gama bushewa ba. Na amsa abin da na sani. Fuskarsa ba ta nuna mini komai ba. Ya kira tsohon maigidan nawa a gabana, ya fita da wayar waje, ya bar ni da ƙarar injin casa da ke shigowa ta taga.

Da ya dawo bai zauna ba. Ya ce aikin dindindin ya riga ya ba mutum biyu waɗanda ba shi da tambaya a kansu. Ni zai ɗauke ni na kaka kawai, daga nan a gani.

Ba shi na nema ba, amma na karɓa. Aka kai ni bayan sito aka nuna mini motar, wata tsohuwa mai tsagaggen gilashi. Na buɗe gabanta na duba mai da ruwa, na tambayi inda ake ajiye tamfol, don asubar Asabar za mu fita.