Shaidar da Na Karɓa a Gaban Jama'a

Har yau idan na tuna yadda na ɗauki direban motar gonata, haushin kaina nake ji. Mutumin Kusada ne, ya ce ya yi shekara uku yana ja wa wani Alhaji tarakta a Mawashi. Maimakon in je gidan Alhajin, sai na tare shi a wajen ɗaurin aure a Kankiya, ga kawun direban zaune kusa da shi, na ce wa Alhajin, "Ranka ya daɗe, ya halin tsohon direban nan naka?"

Ya ce, "Kai, mutumin kirki! Ɗan gidan mutunci ne, ba ya wasa da salla."

Na dawo ina murna. Ban tambayi wane aiki ya yi masa ba, ban tambayi abin da ya raba su ba.

Ana tsakiyar huɗa ya kashe min inji, don ko sau ɗaya bai duba baƙin mai ba. Na koma wurin Alhajin, mu biyu kaɗai, na ce, "Da zai dawo, za ka sake ba shi mota?"

Ya ce, "Allah ya kiyaye! Nawa injin ma shi ya kashe."

Na ce, "To me ya hana ka faɗa min, Alhaji?"

Ya ce, "A gaban kawunsa? Kuma ai halinsa ka tambaya."

Gaskiyarsa. Liman na ɗauka, ba direba ba.