Rodin da Ke Jiran Bene

Baba Magini ya gina wa mutane gidaje har gashinsa ya yi fari, amma nasa gidan bai gama ba. Hawa ɗaya ne da rufin kankare, rodi ya leƙo sama daga kan kowane ginshiƙi. Ya haƙa harsashi mai faɗi irin na bene, don 'ya'yansa maza su ɗora ɗakunansu a sama in sun yi aure. Sun yi auren, kowa ya kama gabansa. Uwarsu ta rasu, rodin ya yi tsatsa.

Bana babban ɗan ya aiko masa da tankin ruwa, shi bai zo ba. Wani mai aikin famfo ya hau da tankin, ya ajiye a tsakiyar rufin.

"Ba nan ba, malam," in ji tsohon. "Ƙarƙashinka falo ne, wa zai tare? Matsar da shi kan ginshiƙi. Rufi bim yake miƙa wa kaya, wato kankaren da ke kwance a ƙarƙashinsa, bim ya ba ginshiƙi, ginshiƙi ya sauke wa harsashi, ƙasa ta karɓa."

Mai famfo ya matsar. "Baba, zai ɗauka kuwa in ya cika?"

"Don iyali guda na yi shi."

Da mutumin ya tafi, tsohon ya sauko falo, ya dafa ginshiƙin. Ruwa na zuba a tankin, sai ya ji kamar wani na motsi a sama. Ya jawo kujera kusa, ya zauna yana saurare.