Ƙwallon da Don Teyo Bai Ɗauka Ba

A Guanacastal kowa ya san Eleuterio Banegas, amma in ka kira shi da wannan dogon sunan ba zai waiwayo ba, sai ka ce Don Teyo. Da gyaran rediyo ya fara, ya koma ɗaukar bidiyon biki da jana'iza, da tsufa ya zo sai ya tare a filin ƙwallo. Duk Lahadi yana kan wani dakalin katako da aka kafa masa a gefen fili, daidai layin tsakiya, da kyamara a kan ƙafafunta uku da hular kaba a kansa. Rabin mutanen garin suna Amurka ko Sifen suna neman abinci, kuma saboda su yake wannan aiki. Ran Litinin zai matse wasan gaba ɗaya ya koma 'yan mintuna, ya tura zauren 'yan gari na waya.

Mutum ne mai fankama da aikinsa, kuma gaskiya ya isa. Ba ya zama kallon wasan daga farko. Zanen sautin da ke ƙasan hoton yake bi a kwamfuta, duk inda ya ga ya yi tsiri ya san an yi ihu a nan, sai ya koma baya kaɗan ya yanko tun daga inda harin ya faro. Kowane ci sai ya nuna shi sau biyu, na farko yadda ya faru, na biyu a hankali da rabin gudu. Don haka ne yake ɗauka da hoto sittin a daƙiƙa, kada maimaicin ya riƙa tsalle. A kusurwar hagu ta sama akwai ɗan allon sakamako da sunayen ƙungiyoyin a taƙaice. Ba ya juya lamba sai ƙwallo ta taɓa raga, kuma in maimaici ya shigo yakan ɗauke allon, wai kada wani a Houston can Amurka ya zaci an sake ci ya ƙone da kofi. Dokarsa ɗaya ce, ya kuma ishi kowa da ita: mai kyamara ba shi da ƙungiya, ba shi da baki.

'Yarsa Yolibeth tana Girona a ƙasar Sifen, tana jinyar wata tsohuwa. Ta tafi tun ɗanta Dilmer yana firamare, ta bar wa mahaifinta shi, takardun zama kuma har yau ba su fito ba, in ta zo gida ba komawa. Don Teyo yana kewarta ƙwarai, sai dai bai iya faɗa ba. In ta kira, labarin ruwan sama da masara yake ba ta, daga nan ya miƙa wa yaron waya.

Bana Dilmer ya shiga babbar ƙungiyar unguwarsu, Los Mangos. Da aka ce za a fara wasa da shi ran karawa da 'yan kamfanin katako, uwar ta yi ta roƙo a ɗaukar mata shi da kyau, don ba ta taɓa ganinsa a wasan manya ba. Tsohon ya ce mata ai wannan ba abin roƙo ba ne, aikinsa ne.

An dawo daga hutun rabin lokaci ba ci, sai aka kwaso ƙwallo daga dama. Don Teyo ya biyo ta da kyamara lafiya lau, har ya hango rigar Dilmer mai lamba sha ɗaya ta kutso tsakanin 'yan baya biyu. Abin da ya faru bayan nan da idonsa ya gani. Kyamarar kuwa tana kallon sama, domin ya daka tsalle da sandar juya ta a hannunsa.

Ran Litinin da safe ya zauna gaban kwamfuta, kofi ya huce a gefe. Ga tsirin ihu a zanen sauti, mafi tsawo a duk wasan. A samansa kuma ba komai sai shuɗin sama, da kan dutsen da ke bayan gari, da reshen mangwaro, da muryar wani tsohon banza yana kwarara ihu a bakin makirufo: "Yoli! Yoli, kin gani?"

Dilmer ya leƙo yana cin wainar masara da wake, ya kalla sau ɗaya, ya fashe da dariya har da riƙe ƙofa.

"Tsoho, ashe mai kyamara yana da baki."

"Fita min a nan, ɗan nema. Ci ɗaya ka yi, ka cika mana gida."

Sai ya shiga gari neman wanda ya ɗauka a waya. Dabarar ba wuya, in ya samu sai ya daidaita ƙarar usur ɗin da ke wayar da wadda ke nasa faifan, ya dasa hoton a gurbin. Amma 'yan Guanacastal ba sa tuna waya sai an riga an ci. Ya tara bidiyon murna kala-kala, duk a tsaye, duk suna rawa. Doña Chabela mai tuya a bayan raga ta rantse ta ɗauka, da aka duba sai ga kaskonta da ƙafar wani kare. Yaron ya kawo shawara su koma fili da gola ya sake bugawa, a cusa a ciki, wa zai gane? Har yaron ya fara neman takalmi, sai Don Teyo ya ce a'a, uwarsa ba ta yi shekarun nan tana jira don a nuna mata wasan kwaikwayo ba.

Ya haɗa abin da yake da shi. Ya bar harin tun daga tsakiyar fili, ya bar kwasowar, ya bar saman. A cikin sautin akwai wani ɗan tsiri kafin babban, ƙarar ƙafa a jikin ƙwallo, sai ya ƙara kaɗan ya juya allon daga babu ci zuwa ɗaya, a kan shuɗin sama. Maimaicin ya tsaya inda rigar Dilmer ta shigo hoto, ya jawo ta kusa har ta fara dushewa. Muryarsa ce ta ba shi wahala. Ya rage ta, ihun jama'a ya tafi tare da ita, domin makirufo ɗaya ne ya kwashe su duka. Ya mayar, kunya ta kama shi. Daga ƙarshe ya bar ta ya tura, ya kife wayar a kan tebur.

Da la'asar saƙon murya ya shigo daga Yolibeth, ba a zaure ba, shi kaɗai. Tana magana ƙasa-ƙasa, da alama tsohuwar tana barci. Ta ce kada ya kuskura ya gyara komai. Ta ce ta tsayar da hoton a kan dutsen nan ta daɗe tana kallo, har ta manta haka yake da tsaga a kai. Ta ce rabon da ta ji ya kira ta Yoli da ƙarfi haka tun tana yarinya tana ƙin dawowa daga rafi. Ta ɗan yi dariya, ta ja hanci, saƙon ya yanke. Can sai ga wani gajere.

"Baba, na ga lamba ta juya, na san ya ci. Amma faɗa min, da wace ƙafa yake bugawa?"

Don Teyo ya leƙa waje. A tsakar gida Dilmer yana wanke takalman ƙwallonsa, na hagun ya fi cinyewa a baki. Tsohon ya share fuska da hularsa, ya danna wurin ɗaukar murya.

"Da hagu, 'yata. Irin ki."