Sunayen da na gyara wa Baba a waya

Ni dai ina da baki, wannan kowa ya sani a gidanmu, kuma ina da saurin cewa na iya. Su biyun nan ne suka haɗu suka ba ni kunya a gaban mahaifina.

Baba yana da ɗan shago a unguwar Cocotiers, nan ƙasar waje da muke zaune inda ake Faransanci, shinkafa da man gyaɗa da sabulu, tun kafin a haife ni. Wayarsa ƙarama ce mai maɓallai, gilashin ya tsage, sai ya kai ta har bakin hanci kafin ya ga abin da ke ciki. Amfaninta babba guda ɗaya ne: kullum da hantsi yakan kira yayarsa a Kano, Goggo, wadda ta riƙe shi bayan rasuwar iyayensu. Ta tsufa ƙwarai, ƙafa ba ta kai ta ko'ina, muryar ƙaninta take jira kowace safiya.

Na saya masa sabuwar Android a unguwar Glass, kusa da ofishinmu, na kai masa shago ranar Asabar ina ta ji da kaina. Na zauna kan buhun shinkafa na cire layinsa na sa a sabuwar, na buɗe masa asusu, na kwaso lambobin da ke kan layin. Na shiga saiti wajen allo na ja girman rubutu har ƙarshe, na ƙara girman nunin gaba ɗaya. Tarkacen da ke fuskar wayar kuwa na riƙa danne su ɗaya bayan ɗaya ina cirewa, na bar abu huɗu kawai: kira, WhatsApp, agogo, kyamara. Wallahi ta yi fes.

Sai na buɗe jerin sunaye. Innalillahi! Babu suna ko ɗaya. 1, 2, 22, 333, 40, haka har ƙasa.

"Baba, mene ne wannan kuma? Gidan yari ne da kowa sai da lamba?"

Ya yi murmushi. "Uwata, bar su haka. Na san su."

"Haba Baba, a sabuwar waya? Wane ne ɗaya?"

"Yaya ce."

Haka na yi ta tambaya yana faɗa, ina gogewa ina rubuta sunan kowa da boko, tsaf. Goggo Kano. Mai kawo shinkafa. Liman. Ni ce 2, na mai da kaina sunana. Sau biyu ya ƙara cewa in bari, ni kuwa ko ɗaga kai ban yi ba. Da na gama na miƙa masa, maƙwabcinsa mai shagon takalma yana tsaye yana kallo, na ce, "To ga shi, rubutu kamar allon talla. Yanzu ko daga tsallaken titi ka karanta." Na nuna masa yadda ake amsa kira sau ɗaya, fuu, na jefa tsohuwar wayar a jakata don kada ya koma mata, na tari taksi zuwa gidana a Okala.

Ran Litinin ina aiki sai ga kiransa. Na ɗauka, ya ce, "Au, ke ce? Tsautsayi ne." Talata ma haka, har sau biyu. Ran Laraba na ƙule.

"Baba, don Allah ka riƙa duba suna kafin ka danna! Me ya rage ban yi ba? Rubutun nan ba ya ƙara girma fa!"

Ya ce, "To, uwata. Yi haƙuri." Daga ranar bai sake kirana ba, ni kuma na ce a raina ya koya.

Kwana tara da kai wayar, 'yar Goggo ta turo min saƙon murya. Ta ce Goggo ta daina cin abinci. Wai tsohuwar tana cewa ƙaninta ya rasu ana ɓoye mata, don tunda yake bai taɓa kwana biyu bai kira ba. Sun kira layinsa ya yi ta ƙara ba a ɗauka. A bayan muryarta ina jin tsohuwar tana kuka tana cewa a gaya mata gaskiya.

Na bar aiki na nufi Cocotiers, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ni kuma ina tafe ina shirya faɗa. Na shiga shagon a jiƙe.

"Baba, me Goggo ta yi maka? Kwana tara!"

Ya leƙa waje ya ga ba kowa. Ya ciro wayar daga aljihu, a naɗe cikin hankici, ya ajiye kan teburi. Ya buɗe jerin sunayen ya juyo min da shi.

"Wanne ne nata?"

"Ga shi ƙato a gabanka! Idon ne? Mu je asibiti mana."

"Idona yana gani, uwata. Ina ganin kowane ɗaya. Ban san abin da suka ce ba ne."

Ban gane ba da farko. Sai da ya ƙara, murya ƙasa-ƙasa, "Ni ban yi boko ba. Lamba na sani, da ajami."

Shekara talatin da wani abu ina 'yarsa. Mutumin da ya riƙa karɓar takardar sakamakona ta makaranta ya dube ta da kyau ya ce madalla, ashe lambobin yake dubawa. Duk takardar da ta zo shago sai ya ce Faransanci ne, karanta min, ni kuma na ɗauka Faransancin ne kawai matsalar. Kwana uku yana danna sunaye bisa sa'a ko zai faɗa kan yayarsa, yana faɗawa kaina, ina yi masa tsawa. Kira kuma idan ya shigo sai ya yi ta danna koren maɓallin, bai san jan sa ake yi sama ba. Maƙwabci kuwa, bayan abin da na faɗa a gabansa, da wane baki zai tambaye shi? Kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa fuskata.

Na ce, "Bari in mayar da lambobin."

Ya ce, "Wayar ba ta rubutun Larabci?"

Tana yi mana. Na shiga saitin allon rubutu na ƙara Larabci, haruffan suka fito. Ya yago bayan kwalin sabulu ya rubuta sunayen da biro, daga dama zuwa hagu, hannu mai kyau kamar an buga. Ya turo min. Na zuba wa kwalin ido. Rabona da makarantar allo tun ina 'yar shekara tara, ko layin farko na kasa haɗawa.

Ya matso da kujerarsa, ya riƙa nuna min harafi da ɗan yatsa ina dannawa, in na yi kuskure ya ce, "A'a, na kusa da shi." Ko sau ɗaya bai ɗaga murya ba.

Da muka gama na danne fili a fuskar wayar, na ɗauko alamar kiran kai tsaye na ɗora sunan Goggo a kai, taɓawa ɗaya ta kira. Na kira shi da wayata sau biyar yana jan koren sama, har hannunsa ya saba. Sannan ya duba allon ya karanta da kansa, "Yaya," ya taɓa.

Ƙara ɗaya aka ɗauka. Ina jin kukanta daga inda nake zaune, tana cewa kai ne, kai ne da gaske, me ya same ka.

Baba ya dube ni, ya kau da kai.

"Lafiyata ƙalau, Yaya. 'Yarki ce ta saya min waya mai kyau, ta gyara min komai. Ni ne kaina ya tsufa, na daɗe ban gane ta ba."